Gyambon Kwanciya da Kwanon Maras Lafiya

Sau da yawa a wurin wanka ake ganinsa. An juya tsohuwa za a goge mata baya, sai mai jinya ta hangi wani wuri a ƙasan tsatso ya yi duhu, yana ɗan sheƙi, kamar inda aka ɗora tukunya mai zafi. Kwana uku ko huɗu fatar ta saɓule. Kafin mako biyu ya zama rami mai ruwa, har ana jin warinsa daga bakin ƙofa. Daga nan hankalin gida gaba ɗaya ya koma kan ramin: a sayo auduga, a sayo bandeji, a nemo maganin wankewa, wani ya kawo garin magani daga ƙauye. Ba kasafai ake samun wanda zai leƙa kwanon da ake fitarwa daga ɗakin ya ga yawan abin da ya rage a ciki ba.

Wannan shi ne gyambon kwanciya. Yana kama wanda ciwo ya kayar har ba ya iya juya kansa: mai shanyewar ɓarin jiki, wanda ya karye a kwatangwalo, wanda hatsarin mota ya taɓa masa laka, tsohon da ƙarfi ya ƙare masa. Yadda yake faruwa ba shi da wuyar ganewa. Idan nauyin jiki ya danne nama tsakanin ƙashi da shimfiɗa, ƙananan hanyoyin jini na wurin sai su toshe. Mai lafiya yana motsawa ko cikin barci ba tare da ya sani ba, jinin ya dawo. Wanda ba ya motsi kuwa, sa'o'i kaɗan sun isa naman ya fara mutuwa. Shi ya sa gyambon yake da wuraren da ya fi so: ƙasan tsatso, gefen kwatangwalo, dunduniya, idon sawu, ƙeya, da ƙasusuwan zama ga wanda yake wuni a keken guragu.

Abin da nake son mai karatu ya riƙe shi ne, ramin nan ba bandeji ne zai cike shi ba. Bandeji yana kare shi, juyawa tana ɗauke masa nauyi, amma sabon naman da zai toho daga ƙasa jiki ne zai gina shi, kuma da abin da ya shiga ta baki zai gina. Don haka a asibitin da ake aiki yadda ya kamata, duba gyambo da rubuta tsarin abinci tafiya ɗaya suke yi. Bari mu bi aikin daki-daki da misali guda, irin wanda ma'aikatan jinya suke gani kullum.

Dattijuwa ce mai shekara 72, mu kira ta Inna. Mako shida da suka wuce hawan jini ya shanye mata ɓarin dama. An sallame ta daga asibiti, tana kwance a gida, 'yarta da surukarta suna karɓa-karɓa wajen jinya. Yau an dawo da ita saboda ciwon da ya fito mata a baya.

Ido da hannu da ma'auni

Nas ba ta fara da ramin ba. Ta sa an juya Inna a hankali, ta bi jikin tun daga ƙeya har dunduniya cikin haske mai kyau, domin wanda ke da gyambo ɗaya yakan kasance da na biyu yana tafe. A nan akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Alamar farko da aka fi koyarwa ita ce jan da ba ya gushewa idan an danna da yatsa. A baƙar fata jan nan sau da yawa ba ya fitowa. Abin da ake nema shi ne wurin da ya fi kewayensa duhu, ko ya yi shuɗi-shuɗi, ko yana sheƙi. Sannan a sa bayan hannu a ji: ya fi sauran jiki ɗumi ko sanyi? Ya yi tauri ko ya yi taushi fiye da kima? In an taɓa, maras lafiya yana yamutsa fuska? Wanda ya tsaya jiran ganin ja a jikinmu, sai fata ta buɗe zai san akwai matsala.

Masana sun kasa gyambon mataki huɗu. A na farko fata ba ta buɗe ba, launi ne kawai ya sauya. A na biyu saman fata ya saɓule ko ya yi bororo. A na uku ramin ya ratsa fata gaba ɗaya har ana ganin kitsen da ke ƙarƙashi. A na huɗu ya kai tsoka ko jijiya ko ƙashi. Idan mataccen nama ya rufe ramin har ba a ganin ƙasansa, ba a ba shi lamba sai an share. Akwai kuma wanda yake farawa daga can ciki kusa da ƙashi, sama lafiya lau sai wani duhu kamar kwanciyar jini, kuma wannan yakan fashe ya zama babba.

Na bayan Inna mataki na uku ne. Nas ta auna shi da ma'aunin takarda: tsawo santimita 5, faɗi santimita 4, zurfi santimita 1. Ta rubuta cewa kusan rabin ƙasansa ja ne mai kyau, sauran kuma mataccen nama ne rawaya-rawaya, yana fitar da ruwa har ana canza bandeji sau biyu a rana. Ruwan nan ba ruwa ba ne zalla. Akwai furotin a cikinsa, wato gyambon yana zubar da abin da ake buƙata don ɗinke shi. A dunduniyar dama kuma, ta ɓarin da ya shanye, ta ga wani duhu mai faɗin kwabo wanda mutanen gida ba su lura da shi ba.

Akwai wani ma'auni da ma'aikatan jinya suke amfani da shi a duniya, wanda Barbara Braden da Nancy Bergstrom suka fitar a Amurka a 1987. Yana duba abubuwa shida: ko mutum yana jin zafin danniya, ko jikinsa yana yawan jiƙewa da fitsari ko gumi, ko yana tashi, ko yana iya juyawa, yadda yake cin abinci, da yadda fatarsa ke gogar shimfiɗa. Maki yana tashi daga 6 zuwa 23, kuma daga 18 zuwa ƙasa ana ɗaukar mutum yana cikin hatsari. Inna ta sami 11. Ka lura cewa cin abinci ɗaya ne daga cikin shidan.

Daga nan aikin ya koma hannun masaniyar abinci ta asibitin, kuma tambayarta ta farko ita ce nauyi. Inna ba ta iya tsayawa, sai aka yi dabarar da kowa zai iya yi a gida: ɗanta ya hau sikeli shi kaɗai, ya sake hawa ɗauke da ita, aka cire na farko daga na biyu. Kilo 50. A katinta na asibitin hawan jini, wata uku da suka wuce, an rubuta kilo 58. Ta zubar da kilo 8, kusan kashi 14 cikin ɗari na nauyinta. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce, duk wanda ya rasa kashi 5 cikin ɗari a wata ɗaya, ko kashi 10 cikin wata shida, ba da niyya ba, to ramarsa ta kai a tashi tsaye. In babu sikeli ko babu tsohon kati, ana zagaya tsakiyar damtse da tef. A babba, abin da ya gaza santimita 23.5 yana nuna rama. Damtsen Inna na hagu, mai lafiyar, 22 ne. Ido ma yana ba da shaida: gefen goshi ya loma, ƙashin wuya ya fito, naman da ke tsakanin babban yatsa da manuni ya zube, awarwaron da ke kama ta a da yanzu yana zamewa har gwiwar hannu.

A kula, ƙiba ba ta hana wannan. Mutum yana iya zama da teɓa alhali tsokarsa ta narke a kwance. Kumburin ƙafa ma yana ƙara nauyi a sikeli ya ɓoye ramar.

Sai tambaya ta biyu, wadda a ganina ta fi kowace muhimmanci.

"Hajiya, jiya me Inna ta ci, tun daga safe?"

"Wallahi muna ba ta komai. Koko da safe, shinkafa da rana, tuwo da dare."

"Na yarda kuna ba ta. Abin da ya shiga cikinta nake tambaya. Shinkafar nan cokali nawa ta haɗiye?"

Da aka bi diddigi, sai ga lissafin: koko mai ruwa-ruwa kofi ɗaya, shinkafa da miya 'yan cokula, shayi da sukari, lemon kwalba da wani mai dubiya ya kawo, sai tuwo loma biyar ko shida. Jimilla bai wuce kalori 800 ba, furotin kuwa bai kai giram 20 ba. Ba rowa aka yi mata ba, ba kuma rashi ba ne. Hannun da take ci da shi ne ya shanye, tana jin nauyin a riƙa ba ta a baki, haƙoranta na ciki sun zube, ta kan gaji kafin ta kai rabi. Sannan surukar ta faɗi wani abu a hankali, kanta a ƙasa: sun rage mata ruwa tun daga la'asar don kada ta jiƙa shimfiɗa da dare. Duk wanda ya taɓa jinyar mai kwanciya ya san daga inda wannan ya fito, kuma ba abin zargi ba ne. Amma busasshen jiki ba ya ɗinke ciwo, fatarsa ma ta fi saurin tsagewa.

An gwada haɗiyarta, domin shanyewar ɓarin jiki takan taɓa maƙogwaro. Alamomin su ne tari ko ƙwarewa lokacin sha, murya ta koma kamar mai kurkure, abinci ya taru a kumatu ɗaya. Inna tana ƙwarewa da ruwa idan an ba ta a kishingiɗe, amma a zaune tana sha lafiya in da kaɗan-kaɗan ne, kuma abu mai kauri yana wuce mata ba matsala. Wanda yake ƙwarewa ko a zaune, ba a tsara masa abinci sai ƙwararre ya duba, don abin da ya kauce zuwa huhu yana jawo ciwon da ya fi gyambon saurin kisa.

Likita ya sa an yi gwajin jini uku da ke sauya tsarin abinci: sukari, aikin ƙoda, da yawan jini. Sukarin da ya hau yana hana ciwo warkewa, yana buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Ƙodar da ta raunana ba ta ɗaukar furotin mai yawa. Ƙarancin jini yana rage iskar da ke isa ga ciwon. Na Inna, sukari da ƙoda lafiya, jini ya ɗan yi ƙasa. Akwai wani gwaji da ake kira albumin wanda a da ake ɗauka shi ne ma'aunin ƙoshi. Yanzu an gane cewa kumburi da ciwo da kansu suna saukar da shi ko mutum yana ci, don haka yana nuna tsananin rashin lafiya ne, ba a auna nasarar abinci da shi.

Daga lissafi zuwa kofi da cokali

A 2019 ƙungiyoyi uku na masana gyambon kwanciya, daga Turai da Amurka da yankin Fasifik, sun fitar da jagora na haɗin gwiwa. Ga babban da ke da gyambo kuma yake da rama ko yake dab da ita, sun ce a ba shi kalori 30 zuwa 35 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, da furotin giram 1.25 zuwa 1.5 a kan kowane kilo. Ruwa kuma an saba lissafa mililita 30 a kan kilo, a ƙara in akwai zazzaɓi, gudawa, zafin gari, ko gyambo mai yawan zuba.

Ga Inna mai kilo 50, wannan ya zama kalori 1,500 zuwa 1,750, furotin giram 63 zuwa 75, ruwa lita ɗaya da rabi, wato ledar fiya wata uku. Ka kwatanta da abin da take samu: rabin kalorin da take buƙata, furotin kuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin uku. Dalilin da ya sa ake lissafa biyun tare shi ne, in kalori bai isa ba, jiki yana ƙona furotin ɗin a matsayin makamashi maimakon ya yi gini da shi, har ya koma yana cin tsokarsa. Kamar mai ginin da itacen girki ya ƙare masa ne, ya shiga ciro azarar rufi yana hura wuta.

Takardar da ke ɗauke da waɗannan lambobi ba ta da amfani ga surukar da ke tsaye a gaban murhu. Aikin masaniyar abinci na gaskiya shi ne mayar da su kofi da cokali, da abin da ake samu a kasuwar unguwa. Kuma ba ta ƙara girman kwano ba, don wadda ba ta iya cinye ƙarami ba za ta cinye babba ba. Abu biyu ta yi: ta raba cin zuwa sau shida, ta kuma sa kowane cokali ya yi nauyi.

Da safe, maimakon koko tsurarsa, kunun gyaɗa mai kauri kofi ɗaya, wanda aka dama da markaɗaɗɗiyar gyaɗa cokali biyu manya da madarar gari cokali biyu, tare da dafaffen ƙwai ɗaya da aka murmushe. Kokon da take sha a da furotin ɗinsa bai wuce giram 2 ba. Wannan karin kumallon ya kai giram 20, kalori kusan 450, alhali girman kofin bai sauya ba. Da hantsi, kindirmo ƙaramin kofi da 'yar fura da aka dama ta yi laushi sosai, giram 10. Kindirmo aka zaɓa ba tsala ba, saboda ba a cire masa mai ba, kuma aka ce a tabbata daga tafasasshiyar madara aka yi shi. Da rana, alala ɗaya da kifi da aka cire wa ƙaya aka farfasa a ciki, kimanin giram 20. Da la'asar gwanda ko ayaba da ruwan lemon zaƙi. Da dare tuwo mai laushi da miyar kuɓewa ko ta zogale da gyaɗa, da niƙaƙƙen nama kamar cokali uku, a zuba mai cokali ɗaya a cikin nata kason, giram 15. Kafin barci madara mai ɗumi kofi ɗaya, giram 6. In ta cinye duka, ta sami furotin giram 70 da ɗoriya, da kalori kusan 1,700.

Ɗanta ya yi tambayar da kowane magidanci zai yi: nama da kifi da madara kullum, ina kuɗin? Amsar ita ce wake da gyaɗa da waken suya suna ɗaukar mafi yawan nauyin. A giram 100 na busasshen wake akwai furotin kusan giram 24, a gyaɗa 25, a waken suya kusan 36. Ranar da babu kifi, a ƙara ƙwai a alala, ko a ba ta awara mai laushi, ko faten wake da aka surfe. Garin ƙuli-ƙuli da aka daka ya yi luƙwi ana iya zuba shi a miya ko kunu, in dai gyaɗar mai kyau ce ba wadda ta yi funfuna ba. Amma ƙuli-ƙuli gudansa, da kilishi, da soyayyen nama, ba na mai matsalar tauna da haɗiya ba ne. An kuma ce wa masu dubiya, wanda zai kawo lemon kwalba ya kawo ƙwai ko gwangwanin madara a madadinsa. Lemon kwalba yana cika ciki da sukari, ba ya da furotin ko giram ɗaya. Saboda hawan jininta, aka ce a sassauta gishiri da dunƙulen ɗanɗano, a ƙara daddawa kaɗan da albasa da citta don kada abincin ya yi lami ta ƙi ci.

A wasu gidaje akan hana mai ciwo ƙwai ko gyaɗa ko madara, wai suna sa miki ya yi ruwa ko ya yi mugunya. Ina roƙon a bar wannan. Ƙwayoyin cuta da mataccen nama ne ke kawo mugunya. Abubuwan da ake hanawar su ne ainihin kayan ginin.

Ba a kai Inna ga wannan tsari rana ɗaya ba; cikin kwana huɗu zuwa biyar aka hau da ita. Akwai dalili mai ƙarfi. Mutumin da ya yi kwanaki da yawa kusan ba ya cin komai, in aka ɗura masa abinci mai yawa farat ɗaya, wasu gishirorin jini suna faɗuwa ƙasa, zuciya ta rikice, jiki ya kumbura, har ana rasa rai. Wanda ya yi kwana biyar ko fiye bai ci abin kirki ba, musamman in ya rame sosai, a ƙarƙashin idon likita ake fara ciyar da shi, da kaɗan, ana gwada jini, ana ba shi bitamin B1.

Maganar ƙwayoyin bitamin kuwa, nan ne aka fi ɓarnar kuɗi. Gaskiya ne jiki yana buƙatar bitamin C don haɗa kolajin, zaren da ke riƙe sabon nama, yana kuma buƙatar zinki. Amma gwaiba ɗaya ko lemon zaƙi biyu sun biya buƙatar bitamin C ta yini, garin ƙwamen kuka ma yana da shi da yawa, nama da hanta da wake kuma suna kawo zinki. Ƙari a kan buƙata bai nuna yana gaggauta warkewa ga wanda ba shi da ƙaranci ba, zinki kuma in ya wuce miligiram 40 a rana na tsawon lokaci yana tayar da zuciya, yana hana jiki shan wani sinadarin da jini ke buƙata. Inda aka ga amfani shi ne a madarar asibiti ta musamman mai yawan furotin da aka ƙara wa arjinin da zinki da wasu bitamin. Wani bincike da aka yi a Italiya, aka buga a 2015, ya bi ramammun marasa lafiya 200 masu gyambo na mako takwas. Waɗanda suka sha irin wannan madara faɗin gyambonsu ya ragu da kusan kashi 61 cikin ɗari, waɗanda suka sha mai kalori da furotin iri ɗaya ba tare da ƙarin ba kuma kusan kashi 45. Bambancin na gaske ne, amma madarar tana da tsada, kuma ka lura ko rukuni na biyu sun sami sauƙi sosai. Inna, saboda ta daɗe ba ta ci sosai, an rubuta mata ƙwayar bitamin ta yau da kullum guda ɗaya da maganin ƙarin jini, aka bar madarar musamman sai in abinci ya gaza.

Akwai wani wuri da abinci da gyambo suke karo. Don kada ta ƙware, dole Inna ta zauna a miƙe lokacin ci, ta kuma jima kamar rabin awa bayan ta gama. Amma zaman kishingiɗe yana sa jiki ya riƙa zamewa ƙasa, ƙashi yana tafiya fata tana maƙale da shimfiɗa, kuma wannan jan yana yaga naman da ke ƙasan tsatso, daidai inda ciwonta yake. Mafita ita ce a zaunar da ita sosai, a tokare ta da matashi a ƙarƙashin gwiwoyi don kada ta zame, in lokacin ya cika a mayar da ita kan gefe. Sauran lokaci ana juya ta kamar duk awa biyu, a ɗan karkace ba a kan ƙashin kwatangwalo ba, da matashi a ƙarƙashin sha-raɓa yadda dunduniya za ta rataya a iska. Ba a murza wurin da ya yi duhu, ba a sa mata gammo a ƙarƙashi, ba a zuba toka ko garin magani a ramin. Ruwan shanta kuma aka ja mafi yawansa zuwa safe da rana, da dare a sa ƙyallen da ke tsotse fitsari a canza shi da zarar ya jiƙe. Da haka surukar ta sami barci, Inna ta sami ruwanta.

Mako biyu

An ba 'yarta littafin rubutu na 'yan makaranta. Bayan kowane ci ta rubuta ɗaya daga cikin huɗu: kwata, rabi, kwata uku, duka. Ta yi zane ɗaya a kan kowane kofin ruwa. Fitsari in ya yi duhu kamar shayi, ruwa bai isa ba. Sikeli da ma'aunin gyambo kuma mako-mako.

Gyambon da ake kula da shi daidai ya kamata ya nuna alamar sauƙi cikin mako biyu. Da aka dawo da Inna, littafin ya nuna tana cinye kusan kwata uku, abincin dare ne take bari. Sai aka mayar da naman zuwa rana lokacin da take da ƙarfi, aka ƙara madarar gari cokali ɗaya a kunun safe. Nauyinta kilo 50 da rabi. Ba a sa ran ƙiba a mako biyu. Tsayawar ramar ita ce nasarar farko. Gyambon ya koma santimita 4.5 da 3.5, mataccen naman ya ragu, ƙasan ramin ya cika da jan nama mai ƙurji-ƙurji mai sheƙi, wanda shi ne sabon gini. Duhun dunduniya bai fashe ba. Irin wannan rami watanni yake ɗauka kafin ya rufe, kuma tabon ba ya kai ƙarfin fatar asali, don haka juyawa da abincin ba sa tsayawa ranar da aka cire bandeji na ƙarshe.

Da a ce bai motsa ba, abubuwa huɗu za a bincika: har yanzu tana kwanciya a kansa, ko ƙwayoyin cuta sun shiga, ko sukari ya hau, ko abin da aka rubuta ba shi ne ke shiga ciki ba. In ci ya kasa kai rabin buƙata duk da ƙoƙari, likita zai zauna da iyali a kan ciyarwa ta robar hanci. Wanda kuma ciwonsa ya kai gargara, ajali ya matso, manufa takan sauya: a ba shi abin da ransa ke so, gwargwadon da yake so, a rage masa zafi da wari, ba a tilasta masa loma don cika lissafi.

Da Inna tana da ciwon ƙoda, da an rage furotin ɗin bisa shawarar likita. Da tana da ciwon sukari, da an cire sukarin kunu, an auna fura da tuwo, amma ba a taɓa ƙwai da kifi da wake ba. Da tana da ciwon zuciya mai tara ruwa, da likita ne zai yanke yawan abin sha. Saboda haka lambobin da ke sama nata ne, ba a kwafe su a ɗora wa wani ba tare da an auna shi an gwada jininsa ba.

Kai da ke da mai kwanciya a gida, yau da daddare ka haska fitila ka duba tsatsonsa da dunduniyarsa, ka taɓa da hannu. In ka ga zazzaɓi, ko mugunya, ko wari ya ƙaru, ko zafi da kumburi suna yaɗuwa a gefen ciwon, ko maras lafiyar ya rikice yana sambatu, kada a kwana, a kai shi asibiti. In kuma kun je canjin bandeji, ka tafi da littafin abin da ya ci, ka roƙi a auna nauyinsa, ka ce a haɗa ka da mai tsara abinci kafin ku dawo gida.